Awon boltej na Hall: sai an juya maganaɗisu ake gane gaskiyar mita

Idan aka bi da wuta ta tsawon siririn falle, aka sa filin maganaɗisu ya ratsa fuskarsa a tsaye, masu ɗaukar cajin sukan karkata zuwa gefe ɗaya, sai ɗan boltej ya bayyana tsakanin gefuna biyun. Edwin Hall ya gano haka a 1879 da fallen zinariya. Lissafin shi ne `V_H = IB/(nqt)`, inda `V_H` ke nufin boltej na Hall, `I` wutar, `B` ƙarfin filin, `q` cajin da kowane mai ɗauka ke ɗauke da shi, `t` kaurin fallen, `n` kuma yawan masu ɗaukar caji a kowace kubik mita.

Darasin da ya fi tsaya mini shi ne, abin da mitar awon boltej ta nuna da farko ba boltej na Hall ba ne zalla. Wayoyin gefe biyun ba sa taɓa zama daidai saitin juna. Ko da goce kaɗan ne, mita za ta haɗa da faɗuwar boltej na tsawon fallen, kuma wannan yana nan ko babu maganaɗisu. Maganinsa a auna, a juya filin, a sake aunawa. Boltej na Hall yana sauya alama, na gocewar ba ya sauyawa.

A ɗauki jamaniyam mai kaurin milimita 1, wuta miliampiya 10, fili tesla 0.3. A ce awon farko ya ba da milibolt +23, bayan juyawa ya ba da −15. Rabin bambancinsu, 19, shi ne na Hall. Rabin jimlarsu, 4, na gocewa ne. Da `q = 1.6×10^-19 C`, `n` zai fito kusan 9.9×10^20. Wanda ya yarda da 23 zai samu 8.2×10^20, kuskuren kusan kashi 17 cikin ɗari, kuma babu abin da zai ankarar da shi. Yana da kyau a juya wutar ita ma, domin bambancin zafi a mahaɗar wayoyi yana haifar da nasa boltej ɗin.

Batun alama kuwa yakan rikita ɗalibai. Elektaron da gurbi, wato wurin da elektaron ya bari, gefe ɗaya ake tura su, domin cajinsu da alkiblar tafiyarsu duka kishiyar juna ne. Alamar wannan gefen ce ke nuna ko su waye. Don haka sai an san ainihin inda filin ya fuskanta da wayar mita da ke kowane gefe, in ba haka ba alamar zato ce.

Jan ƙarfe bai dace da mai koyo ba: kaurin milimita 0.1, ampiya 1, tesla 1, abin da za a samu bai kai maikrobolt ɗaya ba.

Lissafin ya ɗauka masu caji iri ɗaya ne kawai. Idan jamaniyam mai rinjayen gurbi ya yi zafi sosai, elektaron sukan yawaita, kuma da yake sun fi saurin motsi, boltej ɗin yakan ragu har alamarsa ta juye. Shi ya sa ake rage wutar, a kuma duba ko `V_H` yana tashi daidai da `I` da `B` kafin a fitar da `n`.