Wasiƙar neman cikon albashi: abin da na koya a ofishin akanta

A ofishin akanta na ga wasiƙun neman ariyas da yawa, kuma wadda ake saurin biya ita ce wadda mai ita ya yi lissafinsa wata-wata. Wanda ya rubuta "ana rage mini albashi tun bara" kawai, sai takardarsa ta kwana a fayil, domin babu abin da akanta zai kama ya duba.

Abin da ya fi ɓatar da mutane shi ne yin lissafi da kuɗin da ya shigo banki. Wannan kuɗin an riga an cire haraji da fansho, wani lokaci har da bashin ƙungiya. Da cikakken albashi ake lissafi, wanda ke rubuce a takardar ƙarin girma. Kuma ranar da takardar ta ce ƙarin ya fara aiki ita ce mafari, ko da sai bayan wata uku ta iso hannunka.

Ga wadda na taya wani direbanmu rubutawa:

"Ranka ya daɗe, bisa takardar ƙarin girma da aka ba ni, albashina ya tashi daga naira 90,000 zuwa 120,000 daga 16 ga Afrilu, wato ƙarin 30,000 a wata. A Afrilu ƙarin ya shafi kwana 15 cikin 30, don haka ina bin 15,000. A Mayu da Yuni da Yuli tsohon albashi aka biya ni, 30,000 sau uku, 90,000 ke nan. A Agusta an biya 110,000, saura 10,000. Jimla naira 115,000, kafin a cire haraji da fansho. Na haɗa da kwafin takardar ƙarin girman da takardun albashin watanni biyar ɗin. Ina roƙon a duba, a biya ni tare da albashin Satumba."

Da ya ga jimlar sai ya fara lissafin buhun masara. Na ce masa, "Malam, dakata, ba duka za su shigo aljihunka ba." Dokar fansho ta 2014 a Najeriya ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, ma'aikata kuma ta sa kashi 10, a kan ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri. Albashinsa duka waɗannan ukun ne, saboda haka za a cire masa 9,200, ya rage 105,800 kafin haraji.

Kason ma'aikata, 11,500, shi ne wanda ya fi damuna, don kusan kowa mantawa yake da shi tunda ba a ganinsa a hannu, alhali haƙƙinsa ne da zai ci bayan ritaya. Sai muka ƙara layi ɗaya a ƙasan wasiƙar, cewa a tura naira 20,700, wato kasonsa 9,200 da na ma'aikata 11,500, zuwa asusunsa na fansho, ya sa hannu, ya kai, aka buga hatimin karɓa a kwafin da ya riƙe.