Buhu 400 na masara da lissafin da na ƙi faɗa wa Alhaji

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce na miƙa makullan sito da littafin lissafi, bayan shekara shida ina yi wa wani Alhaji akawu a Dawanau. Mun rabu ba tare da faɗa ba. Amma akwai maganar masarar nan da har yanzu take tsaye mini a rai, kuma tunda ana ta ba da labarinta a rumfuna yadda aka ga dama, bari in faɗi nawa.

A kakar 2024 muka sayi masara buhu 400 a kan naira 62,000, jimla miliyan 24.8. Babu wanda ya ga wauta a ciki. Shekarar da ta gabaci wannan kakar duk wanda ya ajiye hatsi ya ci riba, kuma farashin da muka gani kafin kakar yana nan daram a kanmu. Ko da gwamnati ta sanar a watan Yuli na 2024 cewa za ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci, har da masara, na kwana 150, mun ji a rediyo, muka ce zancen gwamnati ne.

A watan Maris na 2025 wani dillali ya kawo mai saye daga kamfanin abincin kaji, zai kwashe duka a kan 55,000, kuɗi hannu. Na zauna na buga: faɗuwar 7,000 a kowane buhu, miliyan 2.8 ke nan. Alhaji ya juyo ya ce, “Malam, me ka gani?” Abin da na gani shi ne tireloli sun ragu a bakin sito, masu kamfani suna saye kaɗan-kaɗan kamar waɗanda ba sa tsoron kaya ya ƙare, kuma maƙwabtanmu duk situnansu cike suke, kowa yana jiran bazara. Abin da bakina ya faɗa kuwa shi ne, “Ranka ya daɗe, ai ba mu saba sayarwa ƙasa da uwar kuɗi ba.” Ya gyaɗa kai, don abin da yake so ya ji ke nan. Ni ma ban so in ɗauki biro in rubuta miliyan 2.8 a shafin asara da hannuna ba. Muddin buhunan suna jibge, a littafina 62,000 ne kuɗinsu.

Wani malaminmu a karatun yamma da na taɓa yi ya koya mana wannan, na ci jarrabawar, ban gane ba sai a gaban sito. Wasu masana halayyar ɗan Adam, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun nuna tun a 1979 cewa mutum ba ya auna dukiyarsa gaba ɗaya in zai yanke shawara. Yana kafa wani ma'auni ne a ransa, abin da ya haura shi riba, abin da ya gaza shi asara, kuma zafin asara ya fi daɗin ribar da ta yi daidai da ita, kusan ninki biyu a ƙiyasin da suka fitar daga baya. Ɓatan dubu goma ya fi tsintar dubu goma taɓa zuciya. Akwai ɓangare na biyu da ya fi cin 'yan kasuwa: wanda ke kan riba yana son tabbas, wanda ke kan asara kuma yana yarda ya yi kasada don ya kuɓuce mata. Shi ya sa a wannan watan muka sayar da riɗi ranar da ya ɗora ribar dubu biyu a buhu, muna murna, muka rungume masarar da ke zubewa.

Ma'auninmu 62,000 ne, kasuwa kuwa ba ta san da shi ba. Mai saye ba ruwansa da nawa ka saya. Tambayar da ta kamata in yi wa Alhaji ranar ita ce: da a ce miliyan 22 ce a hannunka yau, za ka sayi masara buhu 400 a kan 55,000 ka ajiye? Na tabbata zai ce a'a, don a makon ya hana ƙaninsa sayen ko buhu ashirin. To wanda ya ƙi sayarwa a kan 55,000 ya sake sayen kayan ne a kan wannan farashin, sai dai bai ji fitar kuɗin daga aljihu ba.

Ajiya ma ba kyauta ba ce. Kuɗin sito yana tafiya. Mun sa maganin ƙwari sau biyu, mun canza buhunan da ɓera ya huda, mun biya 'yan dako suka sauke suka sake jerawa. Da na haɗa, ya kai kusan 1,500 a buhu, ban da nauyin da ya ragu a sikeli. Waɗannan kuɗin suna fita dubu hamsin yau, dubu talatin jibi, babu wanda ya yi girman da zai sa a kira shi asara. Kuma kowanne muka kashe sai ya zama sabuwar hujja: bayan duk wannan wahalar za mu sayar a faɗuwa? A watan Mayu aka taya 50,000, muka ce da ma 55,000 ɗin ce. A watan Agusta, sabuwar masara ta kusa, muka sayar a kan 41,000. Miliyan 16.4 ta shigo. Asarar da muka gudu ta miliyan 2.8 ta zama miliyan 9 in an haɗa da kuɗin ajiya.

Ba ina cewa riƙe kaya kuskure ba ne. Sana'ar ke nan, kuma da farashi ya tashi a bazara da yanzu ana yaba mana haƙuri. Inda ake gane bambanci shi ne a cikin dalilin da mutum yake bayarwa. In yana maganar damina, ko yawan kayan da ke situna, ko abin da kamfanoni ke saye, lissafi yake yi, ko da ya kuskure. In kuwa duk inda aka juya zancen sai ya koma kan “nawa na saya”, to zafin asara ne ke magana. Wata biyar muka yi, ban ji ɗayanmu ya kawo dalili na farkon ba.

Da aka zo lissafin ƙarshen shekara, Alhaji ya ce a gaban 'ya'yansa, “Ai Malam ne ya ce kada a sayar.” Gaskiya ne, na faɗa. Amma sau biyu bayan nan na kai masa takardar kuɗin ajiya, ya ture ta da bayan hannu ya ce kada in kawo masa zancen boko. Wannan bai shiga labarin ba. Aka yanke mini ihsanin shekara, ƙanin nasa kuwa da ya yi ta zuga a jira aka ba shi kujerar Umara. Laifi tudu ne.

Abin ya sa na koma duba gidana, na tarar da irinsa a ƙanana. Babur ɗina ya ci gyaran da ya kusa rabin kuɗin wani, ina ta kai shi wurin bakanike saboda abin da na riga na kashe. Na taɓa cin bashi mai tsada alhali kuɗin ragon layya suna ajiye, wai su ba a taɓa su, kamar ba naira ɗaya ba ce. Adashi kuwa na ga wannan halin ne yake riƙe shi, don kunyar fashin zubi ta fi ƙarfin kwaɗayin kashe kuɗin, shi ya sa shi ban daina ba.

Babur ɗin na sayar da shi wancan watan, ƙasa da abin da nake ta cewa ba zan karɓa ba. Yanzu ina haɗa ɗan jarina da na wani abokina, kuma sharaɗin da na sa kafin mu sayi buhu ko ɗaya shi ne mu rubuta a shafin farko farashin da in kaya ya sauko gare shi za mu sayar, da watan da ba za mu wuce ba, kowa ya sa hannu. Yaron da ya gaje ni a wurin Alhaji na bar masa takardar kuɗin ajiyar nan a cikin littafin, tsakanin Maris da Afrilu.