Santimita ɗaya da rabi da ɗauri ya cinye min

Da na zo buga kundin digirina na biyu, ƙa'idar da aka ba mu ta ce a bar santimita 4 a gefen da za a ɗaure, sauran gefuna kuma 2.5. Na buɗe Word, na sa 4 a Left, na sa 2.5 a Right, na ce shi ke nan. Daga baya aka ce a buga gaba da baya don kada kundin ya yi kauri, na buga ban taɓa komai ba.

Sai da mai ɗauri ya miƙo min kwafin gwaji na ga aika-aikar. Shafukan hannun dama lafiya lau. Na hagu kuwa, ƙarshen kowane layi ya nutse cikin ɗinki, sai ka danne littafin da tafin hannu kafin ka karanta, ga wani fili fayau a gefen waje ba abin da yake yi. Mutumin ya juya takarda ɗaya a gabana ya ce, "Malam, hagun gaba ai shi ne daman baya." Shafi na 1, 3, 5 ɗaurinsu na hagu, amma na 2, 4, 6 da ke bayansu ɗaurinsu na dama. Ni kuwa na tara filin duka a hagu.

Gyaran yana cikin Layout, sai Margins, sai Custom Margins. A wurin Multiple pages ka zaɓi Mirror margins. Nan take Left da Right za su koma Inside da Outside, wato gefen ciki da na waje, Word kuma ya riƙa juya su da kansa daga shafi zuwa shafi. Gutter shi ne ƙarin filin da ɗauri zai cinye, kuma ɗora shi ake yi a kan Inside. Za ka ga Gutter position ya dusashe ba ya taɓuwa. Ba matsala ba ce, ya riga ya san ciki zai sa shi.

A nan na sake yin tuntuɓe. Na bar 4 ɗina a Inside, na kuma ƙara 1.5 a Gutter, gefen ciki ya zama 5.5. Faɗin takardar A4 santimita 21 ne, in ka cire 5.5 da 2.5 saura 13 kacal, shafuka suka ƙaru ba gaira ba dalili. Daidai shi ne Inside 2.5 da Gutter 1.5, ko Inside 4 da Gutter 0. Duka biyun faɗin rubutu 14.5 suke bayarwa. Na fi son na farkon, domin in mai ɗauri ya ce ɗinkinsa ya fi haka ci, lamba ɗaya zan canza. Ka kuma duba Apply to ya kasance Whole document, in ba haka ba sashen da kake ciki kaɗai zai gyaru. Teburan da aka zana tun hagu da dama suna 2.5, faɗin rubutu yana 16, za su leƙo waje, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fi ba ni wahalar ganowa shi ne na ƙarshe. Bayan na mayar da kundin PDF, sai na cusa shafin sa hannun malamai, guda ɗaya tak, bayan shafin take. Wannan shafi ɗaya ya tura duk na bayansa gaba da mataki guda: wanda aka tsara wa gaban takarda ya koma bayanta, faffaɗan gefen ya fita waje tun daga nan har ƙarshe. A allo ba ka ganin komai, kowane shafi shi kaɗai kyakkyawa ne. In dole ka cusa shafi, cusa biyu, shi da farar takarda a bayansa. Babi kuma, in ana so ya fara a hannun dama, a raba shi da Odd Page da ke ƙarƙashin Breaks, kada a yi ta danna Enter.

Yanzu kafin in buga kundi gaba ɗaya, shafi huɗu nake fara bugawa, da Flip pages on long edge, girman kuma Actual size don kada firinta ta rage shi. Sai in ɗaga takardar ga haske: rubutun gaba da na baya su hau kan juna, faffaɗan gefen kuma ya faɗo ɓangare ɗaya. Daga nan in kama gefen da yatsu kamar santimita ɗaya da rabi, in buɗe, in ga ko harafin ƙarshe na shafi na 2 yana nan a fili.