Yadda na gano abin da ke sa mini ciwon kai a allon wayata

Na shekara huɗu ina amfani da waya mai allon LCD, kuma ina karatu da ita kowane dare bayan sallar isha ba tare da wata damuwa ba. Da ta tsufa sai na sayi sabuwa mai allon OLED, wadda launinta ya fi kyau nesa ba kusa ba. Ban cika mako da ita ba na fara jin nauyi a bayan idanuna, daga nan ya hau goshi, wani lokaci har da ɗan tashin zuciya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne da rana lafiyata ƙalau, ko da na yi awa biyu ina duba wayar, amma da dare, idan an ɗauke wuta na rage hasken allon har ƙasa, minti 20 ya isa kaina ya fara sarawa.

Na fara zuwa wurin likitan ido, domin na zaci tabarau nake bukata. Ya gwada ni, ya sa aka auna jinina, bai ga komai ba sai ɗan bushewar ido, wadda ya ce tana samun mai kallon allo saboda yana rage ƙifta ido. Na yi ta ɗiga maganin da ya rubuta, kaikayin ya tafi, ciwon kan kuwa yana nan daram.

Ƙanina mai gyaran waya ne ya karɓi wayar wani dare ya ce, "Yaya, bari in nuna maka wani abu." Ya buɗe kyamarar tasa wayar, ya shiga sashen da aka rubuta `Pro`, ya mayar da saurin ɗaukar hoto zuwa 1/4000 na daƙiƙa, sannan ya saita ta a kan allona bayan na buɗe farin shafi. Allon da idona ke gani fari fat sai ya bayyana a kyamarar da baƙaƙen layuka masu kauri suna gangarowa, farin da ke tsakaninsu siriri ne kamar zare. Da ya ƙara hasken zuwa sama sai baƙin ya sirance, farin ya faɗaɗa. Tsohuwar wayata kuwa, da muka ɗauko ta daga akwati muka yi mata irin wannan gwaji, babu layi ko ɗaya a kowane mataki na haske.

Abin da muka gani shi ne dabarar da ake kira PWM. Maimakon a rage ƙarfin lantarkin da ke shiga ɗigon hasken allo, wanda a OLED yakan ɓata launi idan ya yi ƙasa sosai, sai a riƙa kunna allon da kashe shi da sauri ƙwarai, ana daidaita tsawon lokacin da yake a kunne. Wayoyin OLED da dama sun daɗe suna yin haka kimanin sau 240 a daƙiƙa ɗaya, wato kowane zagaye ya ɗan zarce kashi 4 cikin dubu na daƙiƙa. Idan ana son hasken ya koma ɗaya bisa biyar, allon zai haska na ƙasa da kashi 1 cikin waɗannan huɗun, sauran lokacin yana duhu. Ashe rage hasken da nake yi don in tausaya wa idona shi ke tsawaita duhun da ke tsakanin walƙiya da walƙiya, a daidai lokacin da ƙwayar idona ta buɗe sosai saboda duhun ɗaki.

Mutum ba ya ganin ƙiftawa mai wannan sauri idan ya tsayar da idonsa wuri ɗaya, sai dai mai karatu ba ya tsayar da ido. Idon yana tsalle ne daga kalma zuwa kalma, kuma a cikin kowane tsalle hasken da ke ƙiftawa yana barin hotuna a jere a bangon ido, maimakon shafa ɗaya mai santsi. Ana kyautata zaton wannan yana ƙara wa ido da ƙwaƙwalwa aiki wajen sauka daidai kan kalmar da ake nufi, kuma masu ciwon ɓarin kai sun fi saurin jin abin. Maganar ta girmi wayar hannu: a 1989 Arnold Wilkins da abokan aikinsa a Birtaniya sun nuna cewa ciwon kai ya ragu da fiye da rabi a wajen ma'aikatan ofis bayan an sauya dogayen fitilun da ke ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa da masu saurin gaske. Irin waɗancan tsofaffin fitilu mun san su sarai a nan, tun da lantarkinmu ma yana juyawa sau 50 ne a daƙiƙa, fitilar kuma tana ƙiftawa sau biyu a kowane juyi.

Kuskuren da na fara yi shi ne na ɗauka adadin ƙiftawar kaɗai ne abin dubawa, alhali zurfinta ma yana da muhimmanci, wato ko hasken yana ɗan raguwa ne kawai, ko yana mutuwa gaba ɗaya. Ƙa'idar IEEE 1789 ta 2015, wadda aka tsara don fitilun LED, ta ce tsakanin ƙiftawa 90 da 1,250 a daƙiƙa, haɗarin kaɗan ne idan zurfin, a lissafin kashi cikin ɗari, bai wuce adadin ƙiftawar sau 0.08 ba. Na lissafa wa 240 na samu kusan kashi 19 cikin ɗari. Layukan da na gani a allona baƙi ƙirin ne, alamar hasken yana kusan mutuwa a kowane zagaye, don haka ya zarce wannan iyaka da nisa. Duk da haka matata tana amfani da irin wannan waya har yau ba ta taɓa kokawa ba, kuma yawancin mutane haka suke.

Domin kada in yaudari kaina, sai na koma tsohuwar wayar tsawon mako biyu, ina karatu a lokaci ɗaya da wuri ɗaya, ciwon ya ɗauke. Na dawo sabuwar, a dare na biyu ya dawo. Daga nan na gwada barin hasken sama da rabi, na kunna `Extra dim` da ke cikin Android tun daga siga ta 12 don ya dusashe hoton, na kuma ajiye fitilar caji a gefena. Wannan ya kai ni kusan awa ɗaya kafin in ji nauyin, amma bai raba ni da shi ba. Tace shuɗin haske, wanda kowa ke ba ni shawara a kai, bai yi komai ba, domin launi yake sauyawa, ƙiftawar tana nan yadda take.

A ƙarshe na sayar da wayar. Ni da ƙanina muka shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da kyamararsa a hannu, muna roƙon masu shaguna su bari mu rage hasken kowace waya mu duba. Akwai masu OLED da ke ƙiftawa sau 1,920 ko ma 3,840 a daƙiƙa, layukansu sirara ne birjik, amma na lura wasu sai an rage haske suke yin haka, idan aka ƙara sai su koma wani salo mai layi ɗaya ko biyu. Mun kuma ci karo da wata mai LCD mai arha da ke fitar da layuka a ƙaramin haske, abin da ya rushe zatona cewa duk LCD tsira ce. Na zaɓi wata LCD da ba ta nuna komai ba daga sama har ƙasa, na kuma yi sharaɗi da mai shagon cewa zan kwana biyu ina karatu da ita a duhu kafin ciniki ya faɗa.