Kaskon Baƙin Ƙarfe da Kasko Mara Kamu: Kowa da Wutarsa

Ƙannena masu fara girki, abin da ya fi lalata kasko shi ne a ɗora shi a wuta babu komai a ciki, a tafi yankan albasa. Kaskon baƙin ƙarfe wannan jiran yake so. Kasko mara kamu, wanda ake kira nonstik, wannan jiran ne ajalinsa.

Cikin mara kamu an shafe shi da wani siririn rufi mai santsi, tefulon, a kan ƙarfen alminiyam. Alminiyam na ɗaukar zafi da sauri, shi kuma rufin yana fara lalacewa da zarar zafi ya wuce digiri 260 a ma'aunin Salshiyas. Kasko mara nauyi da aka bari wayam a kan gas mai ƙarfi zai iya kai wannan zafin cikin minti biyu zuwa uku. Idan ya kai wajen 350, hayaƙin da yake fitarwa na sa mutum zazzaɓi kamar na mura, yana kuma kashe tsuntsayen da ke kusa. Saboda haka ku zuba mai cokali ɗaya tun kafin ku kunna wuta, ku bar ta matsakaiciya, ku jira kamar minti ɗaya, sai ku fasa ƙwai. Man shi ne mai gadinku: tataccen man gyaɗa na fara hayaƙi wajen digiri 230, wato kafin rufin ya taɓu. Kuka ga hayaƙi, ku sauke. Murhun gawayi kuwa ba wurinsa ba ne, domin ba a iya rage masa wuta nan take. Rufin da ya ƙone yana dusashewa, ya yi ruwan ƙasa, ƙwai ya fara kamawa a tsakiya, kuma ba ya gyaruwa.

Baƙin ƙarfe yana da kauri, zafi ba ya saurin yaɗuwa a jikinsa. In aka ba shi wuta mai ƙarfi tun farko, tsakiya ta yi zafi gefe na da sanyi, nama ya ƙone a wani wuri ya tsatso ruwa a wani. Ku ba shi minti biyar zuwa goma a matsakaiciyar wuta. Ku yayyafa ruwa kaɗan: in ya yi cuu ya bushe, da saura, in ɗigon ya dunƙule yana yawo, ya kai wajen digiri 200. Sannan a zuba mai, a shimfiɗa tsokar nama da aka tsane, a ƙyale ta minti uku ba juyi har ta saki kaskon da kanta.

Wutar girki ba ta narka ƙarfen. Abin da ke ƙonewa in an manta da shi a wuta shi ne baƙin man da ya kama jikinsa, sai wurin ya yi toka-toka. A shafa mai kaɗan a sake gasa shi, zai dawo. Amma kada ku kwara masa ruwan sanyi yana da zafi, tsagewa yake yi.