Ranar da sandar jan ƙarfe ta fi wutar da ke ɗumama ta zafi

Sandar jan ƙarfe nake lissafawa a kwamfuta, tsawonta mita 1, zafinta digiri 20, sai aka ɗora bakinta ɗaya a kan digiri 100 aka bar shi a haka. Saurin yaɗuwar zafi a jan ƙarfe, wato α, kusan 0.00011 ne a ma'aunin murabba'in mita a daƙiƙa. Na yanka sandar gida 50, tazarar Δx ta zama mita 0.02, na sa takin lokaci Δt daƙiƙa 1, na ɗauki hanyar kai-tsaye da ake kira esfilisit:

```
r = alpha*dt/dx**2
u[1:-1] += r*(u[2:] - 2*u[1:-1] + u[:-2])
```

A nan u jerin zafin gaɓoɓin sandar ne. Sakamako ya fito sumul. Sai kwaɗayin ƙarin daidaito ya kama ni, na mayar da gidajen 100, ban taɓa Δt ba.

A taki na farko gaɓar da ke maƙwabtaka da bakin mai zafi ta nuna digiri 108. A na biyu ta faɗo 2.4, ta kusa da ita ta haye 116.8. A na uku ta farkon ta kai 235.6. Na ɓata yini ina neman kuskure a rubutun shirin, alhali lafiyarsa ƙalau. Laifin na r ne: da farko 0.275 yake, da na raba Δx biyu sai ya ninka huɗu ya koma 1.1, domin murabba'in Δx ne a ƙasa.

Sai da na sake tsara lissafin a takarda na fahimci abin. Sabon zafin kowace gaɓa gauraye ne na abu uku: kason r daga maƙwabciyar dama, kason r daga ta hagu, da kason 1 − 2r daga ita kanta. Muddin r bai wuce rabi ba, babu kason da ya yi ƙasa da sifili, don haka sabon zafin ba zai fita daga tsakanin mafi zafi da mafi sanyin ukun ba. Haka zafi yake a zahiri. Nawa kason kuwa ya koma −1.2, gaɓa tana tura wa maƙwabta fiye da bambancin da ke tsakaninsu, su kuma su dawo mata da wanda ya fi shi. Binciken von Neumann ya ba da adadin: zanen haƙoran zarto, gaɓa ɗaya sama ɗaya ƙasa, ana ninka shi da kusan 1 − 4r a kowane taki, wato −3.4 a wajena. Tun daga ranar, in na ga haƙoran zarto suna juyawa suna girma, r nake fara dubawa.

Na rage Δt zuwa daƙiƙa 0.45, ƙura ta lafa. Amma awa guda ta zama taki 8,000, kuma da gida 1,000 nake so, da sai taki 800,000.

Nan na koma hanyar imfilisit, wadda ke ɗaukar bambancin zafin maƙwabta a sabon lokacin da ba a riga an sani ba. Dole a warware dukkan gaɓoɓin tare, sai dai kowace da maƙwabtanta biyu kawai take ɗaure, kuma dabarar Thomas tana gamawa da zuwa ɗaya da dawowa ɗaya. A nan haƙoran zarto raba su ake yi da 1 + 4r. Da gida 1,000 da Δt na daƙiƙa 1, r ya kai 110, amma ko gezau. Wannan kwanciyar ta so ta ruɗe ni. Da na gwada da sakamakon ƙaramin taki, sai na ga zafin kusa da bakin ya yi ƙasa da yadda ya kamata a mintin farko, domin kuskuren wannan hanya yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da Δt. Zanen ya yi kyau, lambobin ne ba daidai ba, kuma wannan ya fi fashewa haɗari tunda ba ya ihu.

Na gwada kuma hanyar Crank da Nicolson ta 1947, mai ɗaukar rabi daga tsohon lokaci, rabi daga sabo. Ita ma ba ta fashewa, kuma in ka raba Δt biyu kuskuren lokaci ya ragu sau huɗu. Sai ga rawa kusa da bakin mai zafi. Abin ninkawarta (1 − 2r)/(1 + 2r) ne, wanda a r na 110 ya kai kusan −0.99, saboda haka tsallen farko daga 20 zuwa 100 yana ta kai da kawowa, ya ƙi mutuwa da wuri. Maganin da ya yi mini aiki shi ne fara taki huɗu ƙanana da imfilisit zalla don su goge kaifin tsallen, sannan in miƙa wa Crank da Nicolson ragowar awar. Bayan haka na sake gudanar da shirin da rabin Δt, na jera lambobin biyu gefe da gefe, sai da na ga sun yi kusan ɗaya sannan na karɓi sakamakon.