Yadda muka zuba dekin a cikin hunturu, da abin da na gani game da ruwa

Yawancin masu gini a wajenmu sun ɗauka kankare bushewa yake yi ya yi ƙarfi, shi ya sa za ka ji mai gida yana murna wai an yi rana sosai dekin ya bushe da wuri. Gaskiya ba haka abin yake ba. Siminti ba bushewa yake ba, haɗuwa yake da ruwa su zama wani abu sabo, kuma ranar da ruwan ya ƙare a cikinsa ranar ƙarfin ya tsaya. Ni na san wannan a karatu amma ban gan shi ido da ido ba sai da yayana ya ɗora min kula da dekin wani ɗan ɗaki da ya ƙara a gidansa a Kano, kuma aikin ya faɗo cikin hunturu.

Dekin ba babba ba ne, mita 4 a mita 5, kauri santimita 15, wato kankare kubik mita 3 kenan. Haɗin 1:2:4 muka yi, buhu ɗaya na siminti mai kilo 50, kwanon sarki 4 na yashi, 8 na tsakuwa, kuma a irin wannan haɗin kowane kubik mita yana cin buhu 6 da ɗan ɗori, sai muka tanadi buhu 20. Wannan duk ba a yi gardama ba. Inda aka kai ruwa rana shi ne wajen ruwan kwaɓi, don na ce kowane buhu jarka ɗaya ce mai lita 25 ba ƙari, rabin nauyin simintin kenan, abin da injiniyoyi ke rubutawa 0.5. Ba a fi kwaɓi biyu ba babban birkilan ya zo ya ce min "Malam, wannan kwaɓin ya yi tauri, yaran nan za su wahala, a ƙara ruwa ya riƙa bin rodi da kansa." Kuma ba ƙarya ya yi ba, kwaɓi mai tauri wahala ne da shi, shebur ba ya shiga da daɗi, ga hawa da sauka da kwano a ka. Na ce "Baba, na yarda akwai wahala, zan ƙara lebura biyu daga aljihuna, amma ruwa kam a bar shi haka."

Dalilina shi ne ruwan da siminti ke haɗewa da shi na gaske bai wuce kusan kwata na nauyinsa ba, wato lita 12 zuwa 13 a buhu, sauran muna zubawa ne don a iya juya kwaɓin a zuba. To wannan rarar ruwan ba ya ɓacewa haka kawai, yana zaune ya tare wuri a cikin kankaren, in ya tafi daga baya sai ya bar ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kamar soso, ƙofofin nan su ne rauni kuma ta nan damshi zai bi ya kai ga rodi ya fara tsatsa. Tun 1918 wani injiniya a Amurka, Duff Abrams, ya nuna cewa ƙarfin kankare yana bin yawan ruwa a kan siminti ne, ruwa na ƙaruwa ƙarfi na sauka. In ka tashi daga lita 25 ka kai lita 40 a buhu, wanda wallahi abu ne mai sauƙi idan yaro na riƙe da tiyo yana fesawa ba awo, ƙarfin zai iya faɗowa zuwa rabi, alhali kuɗin simintin ɗaya ka biya.

Yashi ma fa yana zuwa da ruwansa. Namu da tifa ta sauke jiƙe yake, in ka dunƙula a hannu yana kamawa, don haka muka riƙa rage kamar lita 2 ko 3 daga jarkar. Sannan kwaɓi mai tauri dole a cake shi sosai, mun sa mutum biyu ba su da aiki sai cakawa da guntun rodi da bubbuga katakon gefe da guduma, in ba haka ba za a cire katako a ga ramuka tsakuwa a fili.

Bayan zubi kuma sai labari ya juya, yanzu ruwa ake so da yawa, amma daga waje. A cikin ƙwayar siminti akwai sinadarai biyu da ke ɗauke da nauyin ƙarfin, C3S wanda ke aiki da sauri a makon farko, da C2S mai tafiyar hawainiya da ke ci gaba har makonni da watanni. Duka biyun in sun sha ruwa suna fitar da wani abu mai danƙo da ake kira C-S-H, shi ke tsirowa a hankali yana cike guraben da ke tsakanin yashi da tsakuwa yana ɗaure su. Har zafi abin ke fitarwa, washegari da asuba da na ɗora tafin hannu a kan katakon filar da aka zuba tare da dekin sai na ji ɗumi duk da sanyin da ake yi. A ƙiyasi, kankare yana kai kusan kashi 65 cikin 100 na ƙarfinsa a kwana 7, kusan 90 a kwana 14, shi kuma kwana 28 shi ne ma'aunin da ake lissafi da shi. Amma fa wannan lissafin na kankaren da ke cikin damshi ne. Wanda aka bari iska ta busar tun ranar farko zai iya tsayawa a wajen rabin abin da ya kamata ya kai.

Hunturu a nan ne yake cutar mutane, don ana ganin ba zafin rana sai a saki jiki, alhali iskar busasshiya ce tana zuƙe ruwan saman kankare tun bai kama ba. A wata kusurwa da aka fara zubawa, kafin a gama ɗaya gefen har na ga siraran tsage-tsage sun fara fitowa, sai birkilan ya bi da cokali ya shafe su tun yana ɗanye muka rufe da leda muka danne da bulo. Da ya kama yadda yatsa ba ya lotsa shi muka zagaye bakin dekin da ɗan kwaɓin siminti da yashi, tsayin yatsu uku, muka cika da ruwa ya kwanta. Filolin kuma muka naɗe da tsofaffin buhuna da tsumma ana jiƙawa safe, rana da yamma. Ni ban yarda da ban ruwan nan na watsa bokiti biyu da safe a tafi ba, kafin hantsi ya bushe ƙaƙas, sauran wunin duk kankaren a bushe yake. Kwana 7 shi ne mafi ƙaranci, mu mun kai 14 saboda iskar, kuɗin 'yan garuwa kuma bai kai na buhun siminti kaɗan ba.

Katakon ƙasa da sandunan tokara sai da suka yi kwana 21, duk da kafinta na ta waya yana son katakonsa zai kai wani aiki. Da aka cire na ɗauki ƙusa na karci saman da ƙarfi, ɗan farin layi kawai ta bari. Na gwada haka a daɓen wani shago a unguwar, wanda aka zuba da kwaɓi ruwa-ruwa aka kuma bar shi ba ban ruwa, nan ƙusar shiga take, yashi na ɓarɓashewa, in ka shafa hannu gari ne ke biyo ka, ga tsage ko'ina. Ƙusa dai saman kawai take gaya maka, in aiki babba ne kamar bene, a cika ƴan akwatunan gwaji masu santimita 15 daga kwaɓin ranar, a ajiye su cikin ruwa, a kai ɗakin gwaji a murƙushe wasu a kwana 7 wasu a kwana 28.